Jingar Ƙwararru: Abubuwa Huɗu da Ake Tsamowa Daga Takardar Sharuɗɗan Aiki

Duk wanda ya taɓa ba magini jinga ya san abubuwa huɗu da ake yankewa kafin a sa diga a ƙasa. Ɗaki nawa za a gina? Yaushe za a kai linta, yaushe za a yi rufi? Nawa za a biya a kowane mataki? Sannan wa zai tsaya a kan aikin, shi maginin da aka yarda da hannunsa ko yaransa? Idan aka bar ɗaya daga cikin huɗun nan a duhu, to da wuya a gama ginin ba a kai ƙara gaban mai unguwa ba.

Haka abin yake a wata irin jinga da ba a ganin bulo ko siminti a cikinta. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan ɗauki kamfanin ƙwararru ya yi musu bincike, ko ya zana musu tsarin aiki, ko ya auna nasarar wani shiri. Abin da ake saye a nan ilimi ne, kuma ana miƙa shi ne a rahoto da taswira da horo. Takardar da ke bayyana abin da ake so ita ce takardar sharuɗɗan aiki, wadda ma'aikatan ofis a Najeriya ke kira TOR, takwarorinsu na Nijar kuma su ce TDR. Takan kai shafi goma, wani lokaci talatin. Matsalarta ita ce abubuwan nan huɗu ba sa zama wuri guda a cikinta. A warwatse suke, kuma wani lokaci abin da aka faɗa a shafi na 4 ba ya jituwa da abin da ke shafi na 11.

A Arewacin Najeriya irin waɗannan takardu na fitowa a kai a kai daga manyan shirye-shiryen da Bankin Duniya ke tallafawa, irin su ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da AGILE na karatun 'yan mata. Shirye-shiryen irin wannan suna bin ƙa'idojin sayayya da bankin ya fara aiki da su a 2016, kuma suna amfani da kundin neman tayi mai fasali guda. A cikin wannan kundi takardar sharuɗɗan aiki ita ce sashe na 7. Ke nan ba ita kaɗai ake karantawa ba. A gabanta akwai shafin da ke faɗin yadda za a ba da maki, a bayanta kuma akwai daftarin kwangilar da za a sa wa hannu.

Don a ga yadda ake aikin tsamowar, a ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. A ƙaddara wata hukumar samar da ruwan sha a karkara tana son a bincika mata lafiyar rijiyoyin burtsatse 600 a ƙananan hukumomi shida: waɗanne ke aiki, waɗanne suka mutu, me ya kashe su, kuma nawa gyaransu zai ci. Wa'adin aikin mako 24 ne. Wani ƙaramin kamfani ya yi lissafin farko, ya ga zai iya yin sa a kan Naira miliyan 60. Alƙaluman na misali ne, amma tarkunan da ke cikinsu su ne waɗanda masu wannan sana'a ke cin karo da su kullum.

Abin da za a miƙa

Mai karatu cikin gaggawa yakan buɗe takardar ne kai tsaye zuwa sashen da ya jera rahotanni. A misalinmu zai tarar da guda huɗu: rahoton fara aiki a mako na 3, rahoton tsakiya tare da bayanan da aka tattaro a mako na 12, daftarin rahoton ƙarshe a mako na 20, sai kammalallen rahoto a mako na 24. Idan ya tsaya a nan, zai sa farashin abu huɗu.

Gogaggen mai karatu ba ya tsayawa a nan. Yakan koma shafin farko da biro a hannu, ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta ɗora wa kamfanin wani nauyi: zai shirya, zai horar, zai gabatar, zai fassara. A sashen da ke bayyana faɗin aikin, sai ga jimla guda da ta ce kamfanin zai horar da ma'aikatan hukumar 30 kan yadda za su ci gaba da sabunta bayanan. A wata sakin layin an ce za a tattauna sakamakon da masu ruwa da tsaki kafin a kammala rahoto, wato taron tantancewa ke nan. A ƙarƙashin hanyoyin aiki an ce kowace ƙaramar hukuma za ta sami taswirar da ke nuna inda rijiyoyinta suke. Can wajen ƙarshe, inda ake maganar wanda kamfanin zai riƙa kai wa bayani, an nemi gajeren rahoton ci gaba kowane wata. Sannan a jimlar ƙarshe ta wani shafi an buƙaci taƙaitaccen bayani da Hausa don hakimai da kwamitocin ruwa na ƙauyuka.

Huɗu sun zama tara. Kuma biyar ɗin da suka ɓuya ba masu araha ba ne, domin horon mutum 30 yana nufin ɗakin taro da abinci da kuɗin mota, wataƙila har da masauki.

Akwai gwaji mai sauƙi na rarrabe abin miƙawa da aikin yau da kullum. Abin miƙawa shi ne wanda za a iya damƙa wa jami'in hukuma ya sa hannu cewa ya karɓa. Ziyartar rijiyoyi aiki ne, rumbun bayanan rijiyoyin shi ne abin miƙawa. Horarwa aiki ce, rahoton horon da takardar sunayen mahalarta su ne shaidar da za a miƙa. Ga kowane ɗaya daga cikin taran, mai tsamowa yakan rubuta amsar tambayoyi uku. A wace siffa ake son sa, bugagge ko a na'ura, kwafi nawa, da wane harshe? Wa zai karɓa? Kuma da wane ma'auni za a ce ya yi? Idan takardar ta ce a gwada ingancin ruwa amma ba ta faɗi samfur nawa ba, gwajin rijiya 60 da gwajin rijiya 600 duk sun shiga ƙarƙashin jimlar, alhali tsakanin kuɗinsu ninki goma ne. Irin wannan giɓi ba a cike shi da zato. Ana rubuta shi ne a jerin tambayoyin da za a aika wa hukumar.

Kundin Bankin Duniya ma ya tanadi gurbin wannan aiki. Fom ɗin da ake kira TECH-5 yana neman mai tayi ya jera abubuwan miƙawa da lambobi, D-1, D-2, har ƙarshe, ya nuna watan da kowanne zai fito. Wanda ya cike fom ɗin da huɗu kawai, masu tantancewa za su gane bai karanta takardar da kyau ba tun kafin su duba farashinsa.

Zanguna da agogon da ke ƙirga su

Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja a da ba sa auna tafiya da nisa kawai, da zango suke auna ta. Aikin ƙwararru ma yana da zanguna, wato wuraren da sai an isa an sauka kafin a ɗauki hanyar gaba. Ba kowane zango ne abin miƙawa ba. Amincewar hukuma da rahoton farko zango ne, samun wasiƙar gabatarwa ga shugabannin ƙananan hukumomi zango ne, kuma duka biyun ba a hannun kamfanin suke ba.

Tambayar farko ita ce daga wace rana ake ƙirga mako na 1. Kwangilar Bankin Duniya ta bambanta ranar sa hannu, da ranar da kwangila ta fara aiki a doka, da ranar da ƙwararru suka kama aiki. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun makonni. Idan takardar sharuɗɗa ta ce mako uku daga sa hannu, kwangilar kuma ta ce daga kama aiki, to dole a san wadda za a bi. Haka nan kwana 14 na kalanda ba daidai suke da kwana 14 na aiki ba, domin na biyun sun kusa mako uku.

Sai babban tarkon misalinmu. A wani wuri takardar ta ce ba za a fita daji ba sai hukumar ta amince da rahoton fara aiki da takardar tambayoyin da za a yi amfani da ita. A wani wurin daban ta ce hukumar na da mako biyu ta duba kowane rahoto. Wanda bai haɗa jimlolin nan biyu ba zai ƙirga daga mako na 3 zuwa na 12, ya ga yana da mako goma na zagayen rijiyoyi, wato kwana 50 na aiki. Idan ayari guda na iya duba rijiya huɗu a yini, kowane ayari zai duba 200, ayari uku sun wadatar.

Wanda ya haɗa jimlolin zai ga wani hoto dabam. An miƙa rahoto a mako na 3, amincewa ta zo ƙarshen mako na 5, an fita daji a mako na 6. Mako na 12 kuwa na tace bayanai da rubutu ne. Abin da ya rage mako shida ne, kwana 30. Rijiya 600 a kwana 30 na nufin 20 kowace rana, wato ayari biyar. Mota biyar ke nan maimakon uku, direba biyar, kayan awo saiti biyar, da ƙarin mutanen da za a horar kafin a tura su. Duk wannan bambanci ya fito ne daga jimloli biyu da ke shafuka mabambanta.

Bayan an jera zangunan, sai a ɗora su a kan kalandar gaske. Idan makonnin zagayen sun faɗa a Agusta, tsakiyar damina, hanyoyin ƙauyuka da yawa ba sa biyuwa, rijiya huɗu a yini na iya komawa biyu. Akwai kuma abin da ya fi hanya muhimmanci: rijiyar da ke ƙafewa a Afrilu tana iya ba da ruwa sosai a Satumba, don haka lokacin binciken yana shafar gaskiyar sakamakonsa. Idan taron tantancewa ya faɗa makon Sallah, ba za a sami mahalarta ba. Kamfanin da ya nuna waɗannan abubuwa a tayinsa ya nuna ya san ƙasar da zai yi aiki a cikinta.

Ranar da kuɗi ke shigowa

Akwai manyan hanyoyi biyu na biyan ƙwararru, kuma dukansu Bahaushe ya san su. Ɗaya ita ce biyan lokaci, kamar mai ƙwadagon da ake biya gwargwadon kwanakin da ya yi. An fi amfani da ita a aikin da ba a san iyakarsa ba tun farko, kamar sa ido a kan ginin hanya. Ɗayar ita ce jinga: an yanke kuɗi dunƙule, ana sakin su kashi-kashi idan an miƙa abin da aka yi alkawari. Abu na farko da mai tsamowa zai tabbatar shi ne wace iri ce a gabansa, domin a jinga duk kwanan da ya ƙaru daga aljihun kamfanin zai fita.

Misalinmu jinga ce. Takardar ta ce kashi 10 cikin 100 bayan amincewa da rahoton fara aiki, kashi 30 bayan rahoton tsakiya, kashi 30 bayan daftari, kashi 30 bayan kammalallen rahoto. A kuɗi, Naira miliyan 6 ke nan, sai miliyan 18 sau uku. Matakin farko shi ne a tara kasafin a ga ya cika 100, domin akan sami takardar da aka gyara wani kaso aka manta da sauran. Mataki na biyu shi ne a ɗaure kowane kaso da abin da ke sakin sa. A nan ne za a lura cewa horo da taswira da fassarar Hausa ba su da kason kansu. Ma'anar haka ita ce ana iya riƙe miliyan 18 na ƙarshe saboda taƙaitaccen bayani mai shafi huɗu da ba a fassara ba.

Mataki na uku shi ne ya fi raba gwani da ɗan koyo. Ranar miƙa rahoto ba ita ce ranar biya ba. Tsakaninsu akwai duba rahoton, da amincewa, da miƙa takardar neman biya, da zagayen fayil a ofis. Kwangilar jinga ta Bankin Duniya ta ba mai aiki kwana 60 ya biya bayan ya karɓi abin miƙawa da takardar neman biyan. Dokar sayayyar gwamnati ta Najeriya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ita ma sai bayan kwana 60 take ɗaukar biya a matsayin wanda aka jinkirta. Ke nan wata biyu na jira ba saɓa alkawari ba ne, yana cikin ƙa'ida.

A lissafa wannan a misalinmu, inda takardar ta ɗaure biya da amincewa. Rahoton farko ya sami amincewa a mako na 5, kwana 60 sun kai mu mako na 14. A lokacin an riga an gama zagayen daji gaba ɗaya, wanda shi ne ɓangaren da ya fi cin kuɗi. Idan hayar motoci da mai da alawus ɗin ma'aikata da gwajin ruwa da albashin ƙwararru sun kai miliyan 26 zuwa mako na 12, to kamfanin ya kashe wannan duka kafin sisin kwabo ya shigo asusunsa. Kaso na biyu zai iya kai mako na 23, na uku mako na 31, na ƙarshe mako na 35. A ranar da aka miƙa rahoton ƙarshe a mako na 24, abin da ya tabbata a hannu miliyan 24 ne daga cikin 60.

Wannan giɓi ne ke durƙusar da ƙananan kamfanoni, ko da aikin na da riba a takarda. Alamominsa sanannu ne: masu tattara bayanai sun fara yajin aiki a mako na huɗu na zagaye, an rage ayari daga biyar zuwa uku, an fara cike fom daga ƙarƙashin bishiya ba tare da an isa rijiyar ba. Daga nan ingancin aikin ya zube, hukumar ta ƙi amincewa da rahoto, biya ya ƙara nisa.

Wanda ya hango giɓin tun ran gini yana da mafita. Yana iya neman kuɗin kafin alƙalami, wanda a kwangilar Bankin Duniya akan bayar idan kamfani ya kawo takardar lamuni daga banki, sannan a riƙa cire shi daga biyan da ke tafe. Lamunin bankin yana da nasa caji, wanda shi ma sai an sa shi a lissafi. Yana iya roƙon a raba kason tsakiya gida biyu, a saki rabi idan an gama ƙananan hukumomi uku. Yana kuma iya neman a rubuta cewa idan mako biyu suka wuce hukumar ba ta ce komai ba, an ɗauka ta amince.

Sai maganar haraji. Harajin kayayyaki da ayyuka a Najeriya, wanda aka fi sani da VAT, ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020. Idan miliyan 60 ɗin sun haɗa da shi, abin da ya rage wa kamfanin kusan miliyan 55.8 ne, fiye da miliyan 4 na gwamnati ne. Akwai kuma harajin da ake cirewa tun daga tushe a kowane biya. A ƙarshe, jadawalin biyan da ke takardar sharuɗɗa ba shi ne mai yanke hukunci ba. Wanda aka rubuta a sharuɗɗa na musamman na kwangilar shi ne akanta zai bi, don haka sai an ajiye su biyun kusa da juna an gwada layi da layi.

Mutanen da za su yi aikin

A sayen siminti farashi ne kan gaba. A ɗaukar ƙwararru kuwa mutane ake saye, shi ya sa makinsu ke da nauyi. Kundin Bankin Duniya ya ba da shawarar a ware maki 30 zuwa 60 cikin 100 na tayin fasaha ga manyan ƙwararru kaɗai. Kuma a tsarin da ake haɗa inganci da farashi, kamfanin da bai kai makin tsallakewa ba, ba a ko buɗe ambulan farashinsa.

Takardar misalinmu ta nemi mutum huɗu. Shugaban ayari mai digiri na biyu a ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa ko injiniyancin ruwa, da gogewar shekara goma, wanda ya yi aiki makamancin wannan aƙalla sau uku. Injiniyan ruwa mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Masanin bayanai da taswira. Sai masaniyar zamantakewa da ke jin Hausa, wadda za ta iya shiga gidaje ta tattauna da matan da su ne suka fi sanin ranar da famfo ya daina kawo ruwa.

Mai tsamowa yakan farfasa kowane muƙami zuwa sharuɗɗa ɗaiɗai, ya ware na dole daga waɗanda aka ce an fi so. Rashin na dole na iya zubar da makin mutum, rashin na biyun kuwa ɗan ragi ne kawai. Sannan a gaban kowane sharaɗi yakan rubuta inda shaidarsa take a takardar tarihin aikin mutumin. Kalma guda na iya sauya komai. A ce wanda kamfanin ke son ya shugabanci ayarin ya gama digirin farko a 2010, na biyu a 2019. Idan gogewar shekara goma daga digirin farko ake ƙirgawa, a 2025 yana da shekara 15. Idan takardar ta ce bayan samun digirin da aka nema, shekara shida gare shi, bai cika ba. Haka kalmar makamanci: shin haƙa rijiyoyi ya yi kama da binciken lafiyar rijiyoyi? Sai an tambaya.

Yadda ake raba makin ma yana da darasi. A ce an ware wa ƙwararrun maki 50: shugaba 20, injiniya 12, masanin bayanai 10, masaniyar zamantakewa 8. Kundin bankin yakan kasa makin kowane mutum gida uku, kuma kaso mafi tsoka, 60 zuwa 80 cikin 100, na dacewa da wannan aikin ne takamaimai. Takardun makaranta da yawan shekaru ba sa wuce kashi 10 zuwa 20, sanin yanki da harshe kuma bai wuce kashi 10 ba. Idan aka raba makin shugaba 4 da 14 da 2, shehin malami mai tarin digiri zai kwashe huɗun farko cikin sauƙi, amma idan bai taɓa jagorantar binciken rijiyoyi a karkara ba, mafi yawan 14 ɗin sun kuɓuce masa. Wanda bai kai shi suna ba amma ya yi irin aikin sau huɗu zai fi shi maki. Idan makin tsallakewa 75 ne, asarar maki goma a kan mutum guda ta cinye kusan rabin sararin da kamfanin ke da shi.

Abu na gaba shi ne yawan lokacin kowane mutum. Fom ɗin TECH-6 yana jera manyan ƙwararru da lambobi, K-1, K-2, ya nemi a nuna wata nawa kowanne zai ba kowane abin miƙawa, nawa a ofis, nawa a fagen aiki. A lissafin fom ɗin, wata guda kwana 22 ne na aiki, yini kuma bai gaza awa takwas ba. Idan an ba shugaban ayari wata huɗu, kwana 88 ke nan da za a shimfiɗa a kan mako 24. Da aka ɗora wannan a kan zangunan, sai a ga ko an sa masanin bayanai ya horar da ma'aikata a makon da ya kamata yana tace bayanan rijiya 600.

Akwai ɗabi'ar aron sunan babban masani don a ci maki, da niyyar a sauya shi bayan an sami aikin. Kwangilar bankin ta toshe wannan ƙofa. Ba a sauya babban ƙwararre sai da dalilin da ya fi ƙarfin kamfani, kamar rasuwa ko rashin lafiya, kuma wanda zai maye gurbinsa sai ya kai shi ko ya fi shi cancanta. Tun a zaman tattaunawa kafin sa hannu ake neman kamfani ya tabbatar cewa mutanen da ya lissafa suna nan, kuma rashin tabbatar da hakan na iya sa a koma kan kamfanin da ya zo na biyu.

Shafi guda da wasiƙa guda

Duk abin da aka tsamo yana ƙarewa ne a jadawali mai shafi guda. Kowane layi abin miƙawa ne guda, kuma a gabansa an rubuta shafin da aka samo shi, ranar miƙawa, wanda zai amince, kason kuɗin da ke rataye da shi, makon da ake sa ran kuɗin, da ƙwararren da ke da alhakinsa. Layin rahoton tsakiya, alal misali, zai nuna mako na 12, amincewa a mako na 14, miliyan 18, shigowar kuɗi zuwa mako na 23, a hannun shugaban ayari da masanin bayanai. Duk gurbin da ya zauna babu komai a ciki tambaya ce. Jadawalin ba zai gyara takardar da aka rubuta a dagule ba, kuma ba zai sa fayil ya yi sauri a ofis ba. Abin da yake yi shi ne nuna inda dagulewar take tun ana iya magana a kanta.

Hanyar maganar a buɗe take, amma tana da wa'adi. Kundin neman tayi yakan faɗi ranar ƙarshe ta aika tambayoyi a rubuce, kuma hukumar kan tura amsa ga duk kamfanonin da aka gayyata ba tare da ta faɗi wanda ya yi tambayar ba. Amsar da aka samu ta waya daga bakin wani jami'i ba ta ɗaure kowa. Akwai kuma fom ɗin TECH-3, inda aka ba mai tayi dama ya rubuta ra'ayinsa a kan takardar sharuɗɗan da kuma abin da yake buƙata daga hukumar, kamar tsofaffin bayanan rijiyoyi da jami'an da za su raka ayari.

A misalinmu wasiƙar ba za ta wuce shafi ɗaya ba, tambayoyi shida ne a cikinta. Daga wace rana ake ƙirga mako na 1? Samfurin ruwa nawa za a kai ɗakin gwaji? Wa zai ɗauki nauyin abinci da kuɗin motar mahalarta horo da taron tantancewa? Me zai faru da wa'adi idan hukumar ta wuce mako biyu ba ta amsa rahoto ba? Akwai kuɗin kafin alƙalami? Kuma shekara goman shugaban ayari daga wane digiri ake ƙirga su? Sai amsoshin sun dawo ne kamfanin zai san ko miliyan 60 ɗin da ya fara lissafawa za su ɗauki ayari biyar da horon mutum 30, ko kuwa sai ya sake zama da akantansa kafin ranar rufe karɓar tayi.